Amana: yadda Zazzau da Jama'a suka yi mulki a ƙasar addinai da yawa

Kafin a mai da fadar Sarkin Jama'a Kafanchan a 1933, masarautar ta shafe fiye da shekara ɗari a tsohon mazauninta. Malam Usman ne ya kafa ta wajen 1810, tana bin Zazzau, Zazzau kuma tana bin Sakkwato. Musulmi ba su da yawa a wannan ƙasa. Kaninkon, Fantswam, Bajju da Ham kowa na da addininsa na gargajiya da dattawansa. Sarkin da ba shi da dakarun da zai girke a kowane ƙauye dole ya iya ƙulla amana, kuma wannan gwaninta ce da nake jinjina wa.

Ga yadda ake yi. Dattawan gari su amince za su riƙa kai gandu duk shekara, sarki kuma ya ɗauki alkawarin ba za a kai musu hari ba. Ba a bin mutane gida-gida. A kan gari dungurungum ake yanka abin da za a biya, dattawa su raba wa gidajensu, jakada ya zo ya karɓa. Aikin jakada ba ƙarami ba ne. Sai ya ji harshen mutanen, ya san yadda damina ta kasance, ya gane wanda maganarsa ke da nauyi, domin sau da yawa mai kula da tsafin gari ya fi wanda aka naɗa dagaci faɗa a ji.

Shari'a ma an raba ta. Alƙali na zaune a garuruwan Musulmi irin su Jama'a, Kauru da Zangon Katab, yana duba bashi da rikicin fatake. Aure, gado da rabon gona na cikin ƙauye kuwa an bar wa dattawa. Haka Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi: ta karɓi jiziya, ta bar wa limaman coci da malaman Yahudawa al'amuran auren mabiyansu, har ta soke jiziyar a 1856.

Sai dai amanar kudancin Zazzau ba ta kai amanar littattafan fiƙihu ba. Gandun da Jama'a ke aika wa Zariya har da bayi a ciki, kuma daga maƙwabta ake kamo su, wani lokaci ma daga waɗanda aka yi wa alkawari. Wannan cin amana ne, jikokinsu kuma ba su manta ba. Alamar lalacewa a fili take: gonakin fadama su koma saura, mutane su haye duwatsu, jakada ya koma hannu rabbana. Mutanen Kagoro a kan dutsensu suka tsaya, ba su taɓa bin Jama'a ba, shi ya sa Turawa suka bar su da sarautarsu.