Tantance Masu Zaɓe Inda Sabis Bai Kai Ba

A ƙasar Rano da Kibiya, mutum na iya tsayawa a bakin titi yana waya lafiya lau, ya gangara cikin ƙauye bayan duwatsu sabis ya ɗauke. Duk da haka, a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, kowace rumfar zaɓe daga Rurum zuwa Tarai dole ta tantance mutanenta da na'urar BVAS kafin a ba su ƙuri'a. Mutane da yawa sun ɗauka na'urar tana tambayar Abuja ne duk lokacin da aka ɗora yatsa a kanta. Da haka abin yake, da layi ya tsaya cik a duk inda sabis ya yi rauni. Dabarar da aka yi ita ce an kai wa na'urar amsar tun kafin a tambaye ta.

Kafin ranar zaɓe, hukumar INEC tana loda wa kowace na'ura rajistar rumfarta: sunaye, hotuna, lambobin kati da zanen yatsu. Idan mai zaɓe ya miƙa katinsa, ma'aikacin yana nemo shi ta ɗaya daga hanyoyi uku. Ko ya haska tambarin da ke jikin katin, ko ya rubuta lambobi shida na ƙarshen lambar mai zaɓe, ko ya nemo shi da sunan mahaifi. Da zarar bayanin ya fito sai a ɗora yatsa. Idan yatsa ya ƙi, abin da ke yawan faruwa ga manomi da fartanya ta cinye masa zanen hannu ko tsohuwar da fatarta ta bushe, sai a koma ga fuska. Duk wannan kwatancen a cikin na'urar ake yin sa. Ita ce ke rubuta cewa wane ya wuce, ita ce kuma ke ƙara ɗaya a kan adadin waɗanda aka tantance.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne rabon rajistar. Babbar matsalar aiki ba tare da intanet ba ita ce na'urori biyu da ba sa jin juna. A ce ana taro a wani zaure mai ƙofa biyu, kowace ƙofa da wayarta ɗauke da cikakken jerin baƙi, sai sabis ya ɗauke. Mutum ya shiga ta ƙofar gabas, ya miƙa katinsa ta taga, ɗan'uwansa ya shiga da shi ta ƙofar yamma, kuma wayoyin biyu duk za su karɓa, don babu wadda ta san abin da ɗayar ta rubuta. Sai an haɗa bayanai da daddare a ga sunan sau biyu, lokacin an riga an watse. A zaɓe an toshe wannan kafa tun daga tushe: sunan mutum a rumfa ɗaya yake, na'urar wata rumfar kuma ba ta san shi ba sam. Wanda ya yi rajista a Kibiya ya je Rano da katinsa, na'urar ba za ta nemo shi ba, ko da sabis ko babu. Masu shirya taro ko rabon taki za su iya aron wannan kai tsaye, su ba kowane tebur nasa kason sunayen, kowa ya san teburinsa.

Sauran aikin a hannun ma'aikacin rumfa yake, wanda sau da yawa mai yi wa ƙasa hidima ne ko ɗalibi. Gwani a cikinsu tun da dare yake tabbatar da cewa na'urar ta cika da caji, kuma sunan rumfar da ke kan allo shi ne na rumfar da aka tura shi, domin idan aka sami musanya wajen rabo, zai wuni yana neman sunayen da babu su a ciki. Da safe kafin a fara, yana nuna wa wakilan jam'iyyu cewa adadin waɗanda aka tantance sifili ne. Yana kare na'urar daga rana, yana juya mai zaɓe ya fuskanci haske kafin ya ɗauki fuskarsa. Abokin aikinsa kuma yana yi wa kowane suna alama a rajistar takarda, a shafa tawada a farce, ta yadda akwai shaida ta biyu da ba ta dogara da batir ba. Idan na'urar ta mutu aka rasa madadinta, dokar zaɓe ta 2022 ba ta yarda a koma tantancewa da ido ba, sai dai a soke zaɓen rumfar, a sake sa shi cikin awa 24 idan sakamakonta zai iya shafar sakamakon ƙarshe.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne bayan an tashi. Ana ɗaukar hoton takardar sakamako EC8A don aikawa shafin IReV, bayanan tantancewa kuma su tafi babban rumbun INEC. Waɗannan biyun kam sai da sabis. Idan babu, suna jira a cikin na'urar har a fito inda akwai. A wannan tsakanin, abin da rumbun ke nunawa ya gaza abin da ya faru a ƙasa.

Mu ƙaddara rumfa mai mutum 600 a rajista. An tantance 312, an ƙirga ƙuri'u 310. Amma sabis ya yanke bayan bayanan mutum 240 kaɗai sun isa rumbun. Wanda ya buga rahoto daga rumbun a wannan lokaci zai ga ƙuri'u sun haura waɗanda aka tantance da 70, ya rantse an yi aringizo, alhali kuwa dokar ta ce a soke sakamakon duk rumfar da ƙuri'unta suka fi adadin waɗanda aka tantance. Bayanan mutum 72 ɗin da suka rage suna nan cikin na'urar, ba su tafi ba ne kawai. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta adadin da ke kan allon na'urar da wanda aka rubuta a EC8A da wanda rumbun ya karɓa. Idan na farko da na biyu sun yi daidai, na uku ne ya gaza, to aikawa ce ba ta kammala ba.

Irin wannan giɓin ya kai har Kotun Ƙoli. A zaɓen gwamnan Osun na 16 ga Yuli 2022, Adegboyega Oyetola ya ƙalubalanci nasarar Ademola Adeleke da rahoton da aka fitar daga rumbun INEC, hukumar kuma ta ce an buga rahoton kafin duk na'urori su gama aika bayanansu. A Janairu 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yarda an yi aringizo ta soke nasarar Adeleke. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar masa da ita a Maris, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a Mayu, tana mai cewa wanda ke zargin aringizo sai ya kawo abin da ke cikin na'urorin kansu tare da rajistar masu zaɓe.

Saboda haka ba a share na'ura sai an tabbatar abin da ke cikinta ya isa rumbun. Wannan ne ya sa aka ɗage zaɓen gwamnoni na 2023 daga 11 zuwa 18 ga Maris, har da na Kano: INEC ta ce tana buƙatar lokaci ta kwashe bayanan zaɓen shugaban ƙasa ta adana, sannan ta sake saita na'urorin don zagaye na biyu.