Matsalar Wasan Kaka da Jika a Fassarar Wasiƙar Ajami

Manufar wannan takarda ita ce nazarin wata fassara da aka yi wa tsohuwar wasiƙar ajami zuwa Ingilishi. Wata tsohuwa ce ta sa malami ya rubuta mata ita daga Katsina zuwa ga jikanta mai fataucin goro a Kumasi. An yi fassarar ne domin zuriyarsa da ba su jin Hausa, saboda haka duk yadda mai fassara ya nuna musu tsohuwar, haka za su san ta.

Tun wajen juya ajami zuwa boko aka fara tuntuɓe. Malamin bai bambanta k da ƙ ba, kaf ɗaya ya yi wa duka biyun. Inda tsohuwar ta ce "mun yi baƙi", sai mai fassara ya karanta "baki", ya ɗauka magiya aka yi wa wani. Alhali jimlar da ke biye tana maganar shimfiɗa da tuwon dare, wanda ya isa ya warware shakka.

Amma babban abin da muke son jawo hankali gare shi shi ne zancen kaka da jika. Bayan gaisuwa da so da yarda da aminci, sai tsohuwar ta ce: "Maigidana rago, ka bar amaryarka ba kuɗin cefane, to na kusa yin yaji." Mai fassara ya bi kalma da kalma, sai ga mace tana ƙarar mijinta. Da ya ga ma'anar ba ta zauna ba, ya ƙara bayani a gefe cewa tsohuwar ta yi fushi. Wannan kuwa kuskure ne. A al'adar Bahaushe kaka mace kan kira jikanta namiji miji, shi kuma ya tsokane ta, kuma da wannan tsokanar ce ake bayyana ƙauna. Abin da take nufi shi ne tana kewarsa, ya daɗe bai aiko ba.

A ganinmu, abin da ya kamata shi ne a bar "maigida" da "amarya" a fassarar, a zaɓi kalmomin zolaya masu taushi na Ingilishi, kana a yi bayani sau ɗaya tak a farkon wasiƙa kan wannan wasa. Karin maganar da ke ɗauke da labari kuwa, kamar "Goggonka ta kwanta dama", sai a nemo mata sakayawar da masu Ingilishi ke yi wa mutuwa. Mai fassara ya ce "ta mutu" kai tsaye, ya sa wa tsohuwar gatsalin da ba nata ba.

A taƙaice, kafin a taɓa kalma ɗaya, wajibi ne a tambayi dangi: mece ce mai wasiƙar ga wanda aka aika wa? Da kalmomin nan daga bakin uwa suka fito, da fassararsu ta sha bamban.