Bashin da Labari Ke Ɗauka: Nazari a Kan Telenobela

Gabatarwa

Kowane yaro a Gwandu ko Kalgo ya san cewa tatsuniyar da aka buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku" tilas a rufe ta da "ƙurunƙus". Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wasannin talabijin na ƙasashen Latin Amurka, waɗanda ake kira telenobela, bisa wannan ƙa'ida aka gina su, kuma ta hanyarta ne mai nazari zai iya bambanta wani da wani, duk da kamannin da ke tsakaninsu.

Wasa mai ƙarshe da wasa marar ƙarshe

Wasannin talabijin masu dogon zango iri biyu ne. Na farko shi ne wanda aka gina a kan wuri da mazaunansa, kamar Coronation Street na Ingila da aka fara a 1960, ko Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Irin wannan kamar kasuwa yake: ta ci yau, ta watse, ranarta ta zagayo ta sake ci. In wani tauraro ya fita, wani ya shigo, garin yana nan.

Na biyu shi ne telenobela. Ana nuna ta kusan kullum a ranakun aiki, galibi kashi 120 zuwa 200, wato wata shida zuwa shekara guda, sa'an nan a rufe ta. Ita kamar motar da ta tashi daga Gwandu za ta Kalgo ce. Direba na iya bi ta Birnin Kebbi ko ta Jega, yana iya tsayawa ɗaukar fasinja, amma tun a tasha an san inda za a sauka.

Jigo bai isa ba

A darussanmu na adabi mun saba fara tambayar jigo. To, a nan jigo ba ya raba gardama, domin kusan dukkan telenobela jigonsu soyayya ce tsakanin mai shi da marar shi. Fuskokin 'yan wasa ma ba su raba ta. Ga misali: kamfanin TV Azteca na Meziko ya fitar da Catalina y Sebastián a 1999, ya kuma fitar da Cuando seas mía a 2001, wadda aka nuna a Nijeriya da sunan When You Are Mine, jama'a kuwa suka fi saninta da "Paloma da Diego". A duka biyun Silvia Navarro da Sergio Basañez ne masoyan, a duka biyun akwai babbar gona da rikicin dukiya. Wanda ya tarar da kashi ɗaya a tsakiya zai iya rantsewa wasa guda ne.

Abin da ke raba su shi ne tushen labari, wato halin da aka jefa taurari a kashin farko-farko, wanda ya zama bashi a wuyan marubuci. A wasan farko, iyayen Catalina ne suka tura ta auren Sebastián don kuɗinsa, shi kuma ya nuna mata cewa shi ɗan aikin gona ne kawai. Bashin a nan ƙarya ce a cikin aure: yaushe gaskiya za ta fito, kuma za ta so shi don kansa? A na biyu, Paloma mai tsinkar 'ya'yan kofi ce da ta rabu da jikan mai gona bisa rashin fahimta, ta sake suna, ta yi ta hawa a kamfanin danginsa. Bashin a nan rabuwa ce da bambancin matsayi. Na farko ya fara da aure yana neman so, na biyu ya fara da so yana neman aure.

Saboda haka mai nazari ya yi wa kowane wasa tambaya uku. Wane ne ya rasa wani abu? Mene ne aka ɓoye, kuma wa aka ɓoye wa? Wane abu guda ne in ya auku, labari ya ƙare?

Gwaji a kan Second Chance

Bari mu gwada tambayoyin a kan El cuerpo del deseo na tashar Telemundo (2005), wanda Julio Jiménez ya rubuta, mu kuma muka san shi da Second Chance. Wanda ya yi rashi shi ne Pedro José Donoso, tsohon attajiri da ya auri yarinya, Isabel. Ya mutu, ruhinsa ya shiga jikin wani matashin manomi, Salvador. Abin da aka ɓoye kashi biyu ne. Isabel ta ɓoye wa mijinta cewa tana tare da ma'aikacinsa Andrés, shi kuma da ya dawo gidansa a matsayin direba ya ɓoye wa kowa ko shi wane ne. Abin da zai ƙare labari kuwa a fili yake: jikin aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da ruhun ya bar jikin, wasa ya ƙare, haka kuma aka yi.

Ko da mai kallo bai yarda da irin wannan dawowar ruhi ba, kamar yadda aƙidarmu ba ta yarda ba, zai ga amfaninta ga zubi da tsarin wasan. Tun da wuri mai kallo ya san sirrin da mutanen gidan ba su sani ba. Duk lokacin da direba ya nuna sanin wani abu da marigayi kaɗai ya sani, ko aka ji kiɗan fiyano irin nasa cikin dare, an biya wani yanki na bashin. Da haka wasan ya kai kashi 143 ba tare da ya ɓace hanya ba.

Inda ake samun matsala

Aibin telenobela yakan bayyana ne in ta karɓu, masu tasha suka so a tsawaita ta. Alamarsa ita ce kashin da za a cire ba tare da amsar tambaya ta uku ta matso ko ta nisanta ba: mantuwa bayan haɗari, wasiƙar da aka tare, sabon mugu da ba shi da alaƙa da tushe.

Akwai hanyar da ta fi wannan. A Los ricos también lloran (1979), wato The Rich Also Cry, an biya bashin farko da auren Mariana da Luis Alberto. Maimakon a yi ta jan wannan, sai aka ɗauki sabon bashi: Mariana ta ba da jaririnta cikin ruɗewar hankali, ta shafe shekaru tana nemansa. Labari biyu ne a riga ɗaya, amma kowanne da nasa ƙarshe.

Wannan darasi ya shafi wasanninmu na Hausa. Kwana Casa'in, da aka fara a 2019, sunansa kansa alkawarin wa'adi ne: kwanakin da suka rage a yi zaɓen gwamna a jihar Alfawa. Tushe ne mai ƙarfi, irin na telenobela. Amma da aka wuce zaɓen aka ci gaba zango bayan zango, sai wasan ya karkata zuwa irin na farko, inda jihar da 'yan siyasarta suka zama abin kallo. Wannan ba laifi ba ne, sai dai awon da za a yi masa ya sake.

Kammalawa

Mun ga cewa tsawon telenobela daga tushenta yake fitowa, kuma tushen ne sunanta na gaskiya, ba jigo ko fuskar tauraro ba. Shawarata ga 'yan ƙungiya masu sha'awar rubuta wasa ita ce, kafin a rubuta fitowa ta farko, a rubuta tushen cikin jimla ɗaya, a rubuta abin da zai ƙare shi cikin jimla ta biyu. In ta biyun ta gagara, to wasan kasuwa ake shirin yi, sai a gina gari da mutanensa da kyau, kada a yi wa mai kallo alkawarin ƙurunƙus.