Jimla ta dace, amma aiki bai ƙare ba

Masu kwafe alƙaluma daga takardu suna da wata al'ada: su tara lambobin kowane layi na tsaye, su gwada da jimlar da aka buga a ƙasan jadawalin. In ta dace, shi ke nan, wai an gama. Dabarar tana da amfani, amma ana ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta.

Ɗauki ƙidayar Najeriya ta 2006, inda jihohi 36 da Abuja suka ba da 140,431,790. Idan ka rubuta wa Kano 9,410,288 maimakon 9,401,288, lissafinka zai haura da 9,000. Bambancin da ke rabuwa da 9 ba saura yakan nuna an juya lambobi biyu, ka ga ka san abin nema ke nan.

To, in adadin Kano da na Legas suka yi musayar gurbi fa? Jimla ko gezau. Sai ka tara maza da matan kowace jiha a kwance kafin ka kama kuskuren. In kuwa sunayen jihohin ne suka sauya wuri, babu lissafin da zai tona, sai ka bi takardar asali da ido, layi-layi.