Kundin Laƙabi da Gardamar Mutum Biyu

A wani zaman kare kundin digiri da na halarta, wani malami ya dubi ɗalibar da ta kawo teburin daidaito tsakaninta da abokiyar aikinta, ya ce wannan ɓata takarda ne. Hujjarsa ita ce maganar mutum ba buhun gero ba ce da za a ɗora a sikeli, kuma mai nazari ɗaya mai zurfin tunani ya fi biyu masu ƙidaya. Ban yarda da shi ba a ranar, har yau kuma ban yarda ba.

Ba shi ya fara wannan suka ba. Virginia Braun da Victoria Clarke, waɗanda maƙalarsu ta 2006 kan zaƙulo jigogi ta zagaye jami'o'i, sun daɗe suna cewa auna daidaito bai dace da irin nazarinsu ba. Suna da gaskiya a gonarsu, inda ake tattauna doguwar hira da mutum goma. Amma wanda ke riƙe da gajerun amsoshi ɗari uku na tambaya guda, yana kuma shirin cewa kaza daga cikinsu sun ambaci kuɗi, ya riga ya shiga ƙidaya, dole ya nuna mudun da ya yi awo da shi. Ma'aunin kuwa tsoho ne: William Scott ya kawo nasa a 1955, Jacob Cohen ya fito da kappa a 1960.

Mu ɗauki misali. An tambayi mata, “Me ya sa ba ki haihu a asibiti ba?” an rubuta amsar kowace yadda ta faɗa. Aikin da ake kira kodin shi ne a ba kowace amsa laƙabi, kuma kundin laƙabi shi ne dokar bayarwar. Ana fara shi da karanta wani kaso na amsoshin ba tare da an rubuta komai ba, sannan a fitar da laƙubban da ke ta dawowa: KUƊI, NISA, IZINI, WULAƘANCI, SAUƘI, KUNYA. Tsarin da Kathleen MacQueen da abokan aikinta suka bayyana a 1998 ya ba kowane laƙabi suna, gajeren bayani, cikakken bayani, inda ake sa shi, inda ba a sa shi, da misali. Ni dai duk cikinsu layin “inda ba a sa shi” nake fara dubawa. Kundin da ba shi da wannan layi jerin sunaye ne kawai.

Dubi amsar nan: “Maigida ba ya nan.” Me matar take nufi? Wataƙila babu wanda zai ba ta izinin fita. Wataƙila babu wanda zai biya kuɗin mota da na magani. Wataƙila kuma shi ne mai babur ɗin da zai kai ta. Kalmomi huɗu, laƙabi uku na zawarcinsu. Haka “babu hali”, wadda kunnen Bahaushe ke ji a matsayin talauci, amma takan nufi dare ya yi ko ruwa ya yanke hanya. Idan kundin bai yanke hukunci ba, kowace mai kodin za ta yanke nata a zuci, kuma hukuncin ranar Litinin ba lallai ya zama na ranar Alhamis ba. Shi ya sa nake ƙin a yi kodin a kan fassarar Turanci, domin mai fassara ya riga ya zaɓar wa matar ma'ana ɗaya kafin a zo ga kundi.

Gwajin kansa ba shi da wuya. A zaɓi amsoshi 50 ta hanyar ƙuri'a, a ba mutum biyu kwafi, kowace ta yi nata a keɓe ba shawara. Sannan a ɗauki laƙabi ɗaya ɗaya, kada a cakuɗa su. A ce a kan IZINI su biyun sun sa shi a amsa 11, sun bar shi a 29, ta farko ita kaɗai ta sa a 9, ta biyu ita kaɗai a 1. Sun dace a 40 cikin 50, wato kashi 80 cikin ɗari, adadin da ke sa ɗalibi murmushi. Sai dai ko makafi biyu suna jifa za su dace wani lokaci. Ta farko ta sa laƙabin sau 20, wato 0.40, ta biyu sau 12, wato 0.24. Dacewar da sa'a kaɗai za ta bayar ita ce a ninka rabon “e” na kowace, a ninka rabon “a'a”, a haɗa:

```
po = 40/50 = 0.80
pe = (0.40 × 0.24) + (0.60 × 0.76) = 0.552
κ = (po − pe) / (1 − pe) = 0.248 / 0.448 = 0.55
```

Kashi 80 ya koma 0.55. A matakan da Landis da Koch suka jera a 1977, daga 0.41 zuwa 0.60 matsakaici ne, sai daga 0.61 ake cewa mai ƙarfi. Ban cika girmama waɗannan iyakoki ba, don ra'ayi ne aka yi musu layi, kuma kappa na da nata ciwon: laƙabin da ba kasafai yake fitowa ba takan zalunce shi. Idan KUNYA ta bayyana sau biyu kacal a wurin kowace, suka dace a ɗaya, dacewarsu kashi 96 ce, amma kappa ba ta wuce 0.48 ba. Saboda haka a riƙa kawo teburin gaba ɗaya, kada a kawo lamba tsirara.

Abin da ya fi jan hankalina a teburin shi ne 9 da 1. Da gajiya ko sakaci ne suka jawo saɓanin, da ya rabu kusan daidai, biyar nan biyar can. Da ya karkata gefe guda haka, alama ce cewa ma'ana biyu ke aiki da suna ɗaya. A zaro amsoshin tara a shimfiɗa su a tabarma, za a ga yawancinsu irin “maigida ba ya nan” ne da “sai abin da uwar miji ta ce”. Ta farko tana karanta abin da ke ƙarƙashin magana, ta biyu tana jiran ta ga kalmar izini ko hani ƙarara. Babu wadda ta yi kuskure, kundin ne ya yi shiru. Gyaran shi ne a rubuta: ana sa IZINI idan an ambaci hani, umarni, ko jiran yardar wani, miji ne ko suruka, ba a sa shi don an ce mutum ba ya nan kawai. Sai a buɗe sabon laƙabi, BA YA NAN, domin rashin mai yanke shawara a daren naƙuda dalili ne mai zaman kansa wanda da farko ba a gan shi ba. Wannan sabon laƙabi shi ne amsata ga malamin nan. Mai nazari ɗaya, komai zurfinsa, da ya cusa amsoshin tara cikin IZINI ya wuce, babu mai tsayar da shi ya ce daga ina ka samo wannan.

Akwai ha'inci biyu da nake gani a nan. Na farko, a sake gwaji a kan amsoshi 50 ɗin da aka riga aka yi gardama a kansu, kappa ta haura sama, alhali hadda aka auna. Zagaye na biyu sai da sababbin amsoshi. Na biyu ya fi ɓoyuwa: malami da ɗalibarsa su zauna sasanta saɓani, ita kuwa ta ce “haka ne, Malam” a kowane layi. Maganinsa kowa ya rubuta dalilinsa kafin a haɗu, a kuma lissafa kappa daga takardun farko, kafin sulhu. Kundin da aka gyara a sa masa lamba da kwanan wata, amsoshin da aka yi wa kodin da tsohon kuma a koma musu daga ta ɗaya.