Neman Ƙarin Albashi Ba Tare da An Ɓata Ba

Ɗan Kwaciri ya tashi tsakanin Kwari, Singa da kasuwar Sabon Gari, don haka ba a koya masa ciniki. Amma tayin albashi ta imel ba cinikin atamfa ba ne. A kasuwa kana iya tsuga kuɗi, a ja, a ja, har a daidaita. A rubuce kuwa, wanda ya tsuga sau da yawa shiru zai ji. Shi ya sa masu iya wannan wasiƙa suke burge ni.

A ce wani kamfanin rarraba kaya a Sabon Gari ya yi wa matashin akanta tayin naira 150,000 a wata, alhali ya sa ran 200,000. Gwani ba ya amsawa da zafin rai, ba ya kuma bari a yi mako. Washegari sai ya tambaya: kuɗin nan kafin cire-cire ne, ko abin da zai shigo hannu? Tambayar tana da nauyi, domin dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai kamfani kashi 10, ga kuma haraji. Wanda bai tambaya ba, ranar albashin farko zai gane ya yi ciniki kan kuɗin da ba duka zai gani ba.

Sannan ya rubuta, a taƙaice:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na gode da tayin da aka yi mini, kuma ina son aikin nan ƙwarai. Shekara uku na yi ina riƙe littafin bashin 'yan sari da lissafin sito, don haka ba sai an koya mini ba. Bisa wannan nake roƙon a duba naira 185,000. Idan hakan bai samu yanzu ba, zan karɓi 165,000, a sake dubawa bayan wata uku na gwaji, a kuma sa hakan cikin takardar ɗauka."

Godiya ce ta zo farko, don manaja ya san ba guduwa za a yi ba. Hujjarsa kuma aikin da zai yi musu ne. Bai ambaci kuɗin haya ko tsadar adaidaita sahu ba, duk da gaskiya ne, domin kowa a kamfanin yana fama da su, kuma manaja ba zai iya kai kuka gaban mai kamfani ba. Ƙwarewa ce yake iya kaiwa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ƙaryar cewa wani wuri ya yi tayi mafi tsoka. 'Yan kasuwar Fagge sun san juna, waya ɗaya ta isa a gano. Idan kuma amsa ta zo cewa "za mu duba nan gaba" babu wata, babu adadi, to ba a ƙara komai ba tukuna, sai ya sake roƙo cikin ladabi a rubuta ranar.