Taya ce ke raba gem ɗin tseren mota gida biyu

Masu buga gem ɗin tseren mota sukan yi musu a kan wanne ya fi tsakanin salon aked da salon kwaikwayon tuƙin gaske, alhali bambancin duk yana wuri guda: yadda gem ɗin ke lissafin riƙon taya da kwalta.

A salon aked, irin su Need for Speed, wanda ya fara fitowa a 1994, an yi wa taya rangwame a sababbin fitowar. Ka shigo kwana a guje, ka ɗan taɓa birki, bayan mota ya zame, gem ɗin ya daidaita maka ita. Da gangan aka tsara haka, don daɗin gudu ake sayarwa.

Assetto Corsa kuwa, na kamfanin Kunos na Italiya, bai san rangwame ba. Taya tana da riƙo ƙayyadadde, kuma birki da juyawa daga riƙon nan guda suke ci. Ɗauki kwanar farko ta filin Monza. Motar GT3 tana isowa da gudun da ya haura kilomita 250 a awa, ga kwana matsattsiya, dama sannan hagu. Wajen allon mita 150 za ka danne birki da ƙarfi tun mota tana miƙe, sannan ka riƙa sassauta ƙafa a hankali yayin da kake karya sitiyari. In ka karya alhali birkin yana danne, tayoyin gaba sun riga sun ƙarar da riƙonsu, sai motar ta ƙi juyawa ta wuce gaba abinta.

A nan sitiyarin da ake saya don buga gem yake da amfani. Akwai ƙaramin inji a cikinsa da ke mayar wa hannu abin da taya ke ji. Idan gaba ya fara zamewa sai ka ji sitiyarin ya yi sakayau, tun kafin ido ya gani a talabijin. Hannun gem na yau da kullum ba ya ba da wannan labari, kuma sandarsa gajeriya ce, shi ya sa gem yake tace motsin babban yatsa ya sassauta shi. Sitiyarin Logitech G29, na 2015, yana juyawa digiri 900, ga fedar totur da birki da kuloci.

A ganina, wanda Need for Speed ne abincinsa ya riƙe kuɗinsa, don an gina gem ɗin ne domin yatsa, sitiyari sai dai ya rage masa sauri. Mai zama da Assetto Corsa ko Gran Turismo, shi ya dace ya saya, amma ya sani a kwanakin farko lokacinsa zai lalace kafin ya gyaru. Ya kuma tanadi tebur mai ƙarfi da abin da zai tokare fedar, domin a kan tayil duk birkin da ya taka sai ta sulale gaba.